Muryar da Na Ara wa Sharikar Ƙaro

A shekarar da ruwan sama ya rushe katangar bayan gidanmu ne, damina uku bayan rasuwar maigidana, tun kafin yaƙi ya koro mutanen Hartum su cika mana makarantu da zauruka. Ban riƙe lissafin shekaru irin na masu takarda ba, amma na san an gama yankan riɗi, ƙaro ya fara shigowa kasuwar Gadarif, magina kuma suna cikin ɗora mini katangar lokacin da mutumin sharika, wato kamfani, ya yi sallama a ƙofata.

Sai na fara gaya muku ko ni wace ce a wannan sana'a, don ku san abin da ya zo nema. Fiye da shekara talatin na yi ina tsince ƙaro a farfajiyar wani tsohon ɗan kasuwa, bayan kasuwar hatsi. Ƙaro yakan zo daga daji a buhu, haɗe da ɓawon itace da yashi da ƙaya. A juye a tabarma, ke kuma ki zauna ki raba: manyan ƙwayoyi masu haske gefe guda, ƙanana gefe guda, gari daban. Ƙaron iri biyu ne: hashab mai tauri shi ne mai daraja, talha mai saurin farfashewa yana bayansa, kuma akwai masu cuɗa su a daji su kawo. Ni ko ido a rufe, in na murza ƙwaya tsakanin yatsuna zan gaya miki wace ce. Rabin matan unguwarmu da suka iya wannan aiki, a gefen tabarmata suka koya.

Muna da wata al'ada kuma, tun daga iyayenmu da suka taka ƙafa daga yamma za su Makka, Allah ya zaunar da su a nan. Wadda ta kira ki aiki, ita ce uwar aikinki. In an cuce ki, ita za ta yi magana. In an kore ki, ita za ta yi yawo har ta sama miki wani wuri. Shi ya sa mace ba ta ce wa 'yar'uwarta zo wuri kaza da wasa. Ni na kira mata da yawa a rayuwata, kuma babu wadda ta taɓa dawowa ta tsaya mini a ƙofa da hawaye. Da wannan nake taƙama, ba da zinare ba, don ba ni da shi.

Mutumin da ya zo magidanci ne mai 'ya'ya, shi ke ɗaukar ma'aikata a wata sabuwar sharika da ta gina katafaren wuri a bakin hanyar fita gari. Uwarsa tamu ce, Bahaushiya, amma a Hartum ya yi karatu, Hausarsa duk Larabci ya cinye ta. Ustaz kowa ke ce masa, ni ma haka na bi. Ya zauna a kan gadon igiya, na dafa masa jabana, gahawarmu ta nan, ya sha kofi biyu kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Ya ce suna da injin tankaɗe riɗi, amma ƙaronsu da hannu za a tsince, hannun da ya iya kuwa duk yana farfajiyoyin tsofaffin 'yan kasuwa. Sun liƙa takardu a kasuwa da hoton mata suna murmushi, sun sa an yi shela, matan da suka zo ba su cika ɗaki ɗaya ba, su ma sababbin hannu. Ya tambaya a gari, aka ce masa matan Hausa ba sa bin takarda, bakin tsohuwar nan suke bi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A lokacin bayana ya riga ya hana ni zaman tabarma, ina gida ina sayar da gyaɗa, sai ga mai mota ya zo neman bakina. Amma na ce masa ba na faɗar abin da ban gani ba. Ya ce ai shi ya sa ya zo, ranar Talata zai aiko a ɗauke ni in gani da idona.

Talatar nan ta zo. Wata farar bas ta tsaya har bakin lungunmu, Ustaz ya ce ita ce tarhil, motar da za ta riƙa ɗauko ma'aikata da safe ta mai da su da yamma. A can na ga zaure mai faɗi da tebura, mace ta zauna a kujera ta yi aiki ba sai ta lanƙwashe baya ba. Fankoki suna juyawa. Akwai injin ruwan sanyi a ƙofa, na sha har haƙorina ya amsa. Kowace mace da kammama, wato takunkumi, a hanci saboda ƙura. Da hantsi aka kawo fatur, ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da burodi, na ci tare da su. Daga nan ya kai ni wani ɗaki a gefe, an shafe shi da shuɗi, an shimfiɗa tabarmi da 'yan katifu, ga fanka, ga wata mata zaune. Ya ce nan masu goyo za su ajiye 'ya'yansu, su riƙa fitowa suna ba su nono, domin ba a shiga zauren aiki da yaro, kayan na ci ne kuma ƙasashen waje za a kai.

A tsakar wurin na hangi mudir, wato shugaban wurin, yana zagayawa da wasu baƙi masu huluna, ana ta ɗaukar hoto. Na ɗauka haka suke kullum. Mace mai shekaruna, wadda ta san yadda ake share gida ranar da surukai za su zo, ban tambayi ko su wane ne baƙin ba. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba.

Muka zauna a ofishinsa, ya ɗora waya a gabana ya ce in yi magana yadda na saba, da Hausa, kamar ina hira da 'ya'yana. To, ni kuma Allah ya ba ni baki. A gidan biki in na fara labari, masu dafa abinci sukan bar tukunya ta ƙone. Na buɗe baki na zuba. Na faɗi bas, na faɗi ruwan da ke sa haƙori rawa, na faɗi ful har da ƙanshin man. Da na zo kan ɗakin nan na ce:

"Ke mai goyo, ɗauko ɗanki ki taho. Ɗaki ne shuɗi kamar sararin Allah, ɗanki na barci fanka na yi masa fifita, ke kina aikinki. Ni na gani, ni na kira ki."

Wannan ta ƙarshen babu wanda ya sa ni. Ustaz bai ma san nauyinta ba, murmushi kawai ya yi. Daga baya na ƙara abin da ya kamata a gaya wa kowace mace: aikin ƙaro yana cin ido, ƙurarsa na kama ƙirji, wurin da nisa, kuma sharika ba farfajiya ba ce, akwai lokacin shiga da na fita, ba a tashi don an yi haihuwa a maƙwabta. Ya ce madalla. Ya ba ni tob sabo, lafayar da matan nan ke yafawa, mai ruwan zuma, aka mai da ni gida a bas ni kaɗai kamar amarya.

Bayan kwana uku na ji muryata tana fitowa daga gidan maƙwabciyata. Na tsaya a jikin katanga na saurara har ƙarshe. An sa mata kiɗa a ƙarƙashi, an yanke duk maganar ido da ƙirji da nisa. A kan "ni na kira ki" aka tsaya. Na ji wani abu a raina, amma maƙwabciyar ta leƙo tana dariya tana cewa yau Hajja ta shiga waya, sai daɗin ya danne abin.

Saƙon ya yi gudu. Kafin mako ya zagayo, matan farfajiyar tsohon ɗan kasuwa sun tashi kusan gaba ɗaya, ana tsakiyar shigowar kaya, wasu ko sallama ba su yi masa ba. Cikinsu har da ɗiyar ƙanwata, wadda ta dawo wurina daga Mafaza tun da mijinta ya tafi aikin gona wajen Gallabat aikensa ya yi wuya. Tana da goyo ɗan wata biyar. A farfajiya takan kwantar da shi a gindin dalbejiya kusa da tabarmarta, in ya yi kuka ta miƙa hannu. Babu fanka, babu ful, amma da ƙafa take zuwa, kuma tsohon bai taɓa ce wa mace ta fitar da ɗanta ba. Ta tambaye ni da bakinta ko ta tafi. Na ce ta tafi.

Makon farko komai ya tafi yadda na faɗa, ina ta yawo a unguwa ana gaishe ni. Daga nan abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran tsohuwa. Bas ashe hayarta aka yi. Aka ce ta daina shiga unguwanni, sai bakin babban titi, daga baya aka ce ba ta isa kowa ba, 'yan ofis da masu inji ne a gaba. Mata suka koma haɗa kai huɗu-huɗu suna cusa kansu a raksha, keken nan mai ƙafa uku, wadda ta makara a rufe mata ƙofa. Ful ya zama na ranar Alhamis, daga baya ya zama labari. Kammama guda ake ba mace, ta yi ta wankewa har ta yage. In wuta ta ɗauke, janareta inji da ofis yake ja, fankokin zaure su tsaya, ga rufin kwano, ga zafin Gadarif da kuka sani. Duk wannan da an jure, domin matanmu sun ga abin da ya fi shi. Kuɗin aikinsu kuma ana ba su a kan lokaci, ba zan yi wa sharikar ƙarya ba.

Ɗakin ne ya karya su. Da kaya suka yi yawa sito ya cika, aka kwashe katifun aka jera buhunan riɗi har rufi. Matar da na gani zaune a ciki, ashe mai shara ce aka zaunar ranar. Dokar hana shiga zaure da yaro kuwa tana nan daram, ita ba ta zube ba.

Ɗiyar ƙanwata ta dawo ran nan gaban rigarta sharkaf da nono, ɗan kuma ya wuni a hannuna yana tsala kuka, ya ƙi kunu, ya ƙi madarar gwangwani. Washegari na goya shi, ni da na yi shekaru rabona da goyo, na hau raksha da azahar na je ƙofar sharika. Mai gadi ya ce ba shiga. Ta fito lokacin salla, ta tsuguna a jikin katanga inda inuwar ba ta kai faɗin tabarma ba, ta ba shi nono, manyan motoci na wucewa suna watsa mana ƙura. Haka muka yi ta yi kullum. Ba ni kaɗai ba, akwai wasu kakanni biyu da suke zuwa da nasu jikokin, kuma ba sa zama kusa da ni.

Wata rana matan suka fito salla suka same ni a nan. Cikinsu akwai wata mai bakin tsiya, wadda ni na koya mata rabe hashab da talha tun tana budurwa. Ta tsaya ta dubi sama, ta dube ni, ta ce:

"Hajja, ashe gaskiyarki. Ga shi nan shuɗi kamar sararin Allah. Fankar ce dai ba a kunna ba."

Aka yi dariya, ba mai ƙarfi ba. Wata ta ce ta bar tsohuwa, ta ce ai ba zagi ta yi ba, karatun Hajja take maimaitawa. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ko a gidan biki ko a kasuwa, na sunkuyar da kai ina gyara wa yaro hula.

Ranar ban koma gida ba sai da na ga Ustaz. Na zauna a ƙofa na ce wa mai gadi ko ya kira shi ko ya kira 'yan sanda su ɗauke ni. Ya fito, ya shigar da ni, ya kawo mini ruwan sanyi, domin injin yanzu yana ofis. Na ƙi sha. Na tambaye shi abin da ya sa ya sa ni ƙarya. Ya rantse bai yi nufin ƙarya ba. Ya ce ranar da na zo masu sayen kaya ne suka zo duba wuri, kuma duk abin da na gani yana cikin shirin sharika, haka suke so ta zama. Ya ce ya rubuta wa mudir sau uku kan ɗakin, mudir ya ce a bari kaya su fita tukuna. Na tambaye shi maganata da aka yanke. Ya ce saƙo in ya yi tsawo ba a saurare, kuma ai talla ce, kowa ya san a talla alheri ake faɗa, duk sharikoki haka suke yi.

"Ɗan nan," na ce, "kai talla ka yi. Ni kira na yi. Uwarka ba ta gaya maka bambancin ba?"

Na ce ya janye muryata. Ya nuna mini wayarsa ya goge a gabana, sannan ya ce wanda ke cikin wayoyin mutane ba shi da iko da shi. Magana zarar bunu, na san wannan tun ina yarinya, amma ban san akwai bunun da ke ci gaba da zare kansa ba.

Mata suka fara barin aiki, masu goyo da farko, sai masu tari, sai waɗanda raksha ta gajiyar. Kowace kuma ta fita, ƙofata take biyowa, domin ni ce uwar aikinta. Ba sa faɗa. Su zauna su sha ruwa su ce, to Hajja, ina za mu? Na san abin da al'ada ta ɗora mini. Na yafa tsohon mayafina na tafi farfajiyar da na yi shekara talatin a cikinta.

Tsohon yana zaune a kan buhu, carbi a hannu. Na durƙusa, ni da ko maigidana bai cika ganin gwiwata a ƙasa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi ma ya ji saƙon, jikarsa ta kunna masa, har ya so ya je a ɗauke shi aiki ya sha ruwan sanyi. Ya ce lokacin da aka watse masa, kayansa sun yi kwanaki a jibge, dole ya kawo wasu mata daga wata unguwa ya koya musu, kuma ba zai kore su don namu sun dawo ba. Saboda tsohuwar zuma zai karɓi uku, ni in zaɓa. Ga mata sun fi goma suna jira a gidana. Na zaɓi biyu da mazansu suka rasu, da mai bakin tsiyar nan domin ita ke riƙe da uwarta makauniya. Ɗiyar ƙanwata ban sa ta ba. Da na sa ta, da an ce Hajja ta jefa mu rami ta ciro nata. Ta fahimta, ko ta nuna ta fahimta. Ba a yi wata ba ta tattara ta koma Mafaza wurin uwarta, tana tallar ganye a bakin kogi, ita da hannunta ya fi na kowa saurin tsinta. Sauran na yi ta yawo da su farfajiya-farfajiya, wasu na samar musu, wasu har lokacin ƙaro ya wuce ban samar ba.

Sharikar ma ba ta sha da daɗi ba. Hannun da ya iya ya tafi, aka cika zaure da sababbi waɗanda saƙon ya jawo daga ƙauyuka, a koya musu yau, gobe su ga babu ɗaki su tafi. Na ji an dawo musu da wasu kaya daga tashar jirgin ruwa don an sami talha cikin hashab, sai da aka sake tsincewa. A unguwarmu kuwa, in mace ta yi alkawarin da ba za ta cika ba, sai a ce ta yi ɗakin sharika.

Da ƙaro ya sake shigowa, Ustaz ya dawo. Ya rame. Ya ce an kwashe buhunan, an buɗe ɗakin da gaske, an sa mai kula da yara, bas dai babu. Ya liƙa sababbin takardu, ko mace ɗaya tamu ba ta je ba. Yana so in sake magana. Na ce da sharaɗi: in je ranar da na ga dama ba tare da an sani ba, har mako guda, in faɗi abin da na gani, kuma ba a yanke ko tarina. Ya yarda. Na je. Ɗakin na nan, da yara a ciki, gaskiya ne. Na ɗauki magana a wayarsa na ce akwai ɗaki, babu mota, babu fatur, in wuta ta ɗauke zauren tanda ne, kuɗi na fita a kan lokaci, wadda ta ga za ta iya ta je da ƙafarta, ni ban kira kowa ba. Mudir ya saurara ya ce wannan korar mutane ce, ba za su yaɗa ba. Ustaz ya tura mini ita a ɓoye, na ba mata su tura.

Ba ta je ko'ina ba. Magana marar gishiri wa zai tura wa 'yar'uwarsa? Waɗanda suka ji a unguwa suka ce ko ɗakin ma sai sun gani, wai bakin da ya faɗi na farko shi ya faɗi na biyu. Wata mai goyo da ke bayan gidana, wadda ɗakin zai yi wa amfani da gaske, ta ƙi zuwa saboda ni ce na ce akwai. Tsohuwar muryar kuwa, mai kiɗa, tana ta tafiya abinta. A lokacin zafi wata mata da ban taɓa gani ba ta sauka daga motar Gallabat da ƙunshin kaya, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ƙofata. Ta ce ita ce wadda na kira, a ina bas ke tsayawa? Ta kwana tara a ɗakina kafin na samar mata wanke-wanke a wani gidan abinci.

Har yau ana kirana gidan biki in ba da labari, ana dariya, ana tafi. Amma tun daga shekarar nan babu macen da ta sake zuwa ta tambaye ni inda za ta kai 'yarta aiki. Wata ƙanwar bayana suke tambaya yanzu, wadda ba ta iya haɗa magana biyu ba tare da in'ina ba.

Tsohon ɗan kasuwa ya rasu, 'ya'yansa sun mai da farfajiyar wurin ajiye motoci. Kakannin nan biyu na jikin katanga, ɗaya ta rasu, ɗayar ta kwanta ba ta gane mutane. Mudir ban san inda yake ba, ban kuma tambaya ba. Ustaz yana nan, ya bar sharikar, yana sayar da irin shuka a kasuwa, in ya hango ni yakan taso ya gaishe ni har ƙasa. Ƙanwata tana Mafaza da 'yarta, suna aiko gaisuwa da salla. Cikinmu waɗanda suka rage a unguwa, sai mai bakin tsiya, sai ni.